Kabejin Baba Habila

Saratu ta zare igiyar bakin buhun, ta sa hannu ta ciro kabeji na farko, ta juya shi. Gefe guda ya ƙuje, wurin ya yi baƙi-baƙi. Ta ajiye shi a ƙasa, ta ciro wani. Shi ma haka. Latas ɗin da ke buhu na biyu kuwa ya yi yaushi, ganyen ya kwanta a tafin hannunta kamar tsumma.

Lawan, mai a-kori-kurar da ke ɗauko mata kaya daga 'Yankaba zuwa Kasuwar Tarauni, yana tsaye yana goge wuya da hularsa.

"Maman Patience, kada ki kalle ni. Yadda aka sauke su daga babbar mota haka na ɗora su. Ko rami ban faɗa ba."

"Ban ce kai ne ba, Lawan."

"Ai gara in faɗa tun kafin a ce."

Malam Ibrahim, mai kayan miya da ke rumfar kusa da tata, ya leƙo yana jera tumatur. "Yau ma akuyoyin Unguwa Uku sun yi sa'a," in ji shi. "Ni da ke muna neman kuɗi, su kuma suna cin abincin Turawa."

Saratu ta yi ɗan murmushi don kada ya ji kunya, ta jawo wuƙa ta fara gyara. Ta daɗe a wannan rumfa tana sayar da kabeji, karas, latas, koren tattasai, koren wake da kokwamba. Duk kayanta daga hannun mutum ɗaya suke zuwa, Baba Habila, aminin marigayi mahaifinta, wanda ke noman lambu a bakin wani tsohon kududdufin da masu haƙar kuza suka bari a ƙauyensu, can bayan Bukuru. Shi yake haɗa nasa da na maƙwabta ya ɗora a motar da ke zuwa Kano. Shi ne kuma ya fara turo mata kaya lokacin da mijinta Samuel ya bar koyarwa, fansho bai fara fitowa ba, gida ya tsaya cik.

Tun da bazara ta shigo kayan suka canza. Da can a kwando latas yake zuwa, kabeji kuma da manyan ganyayensa na waje, waɗanda ke ɗaukar duk wani bugu da zafin hanya. Yanzu an ɓare su tas, an danna su cikin buhun taki har bakin buhun ba ya haɗuwa sai da ƙyar.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga Hajiya Zahra'u. Ita ce mai gidan abinci a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma tana karɓar aikin girkin biki. Fiye da rabin kayan Saratu ita ke kwashewa. Ta tsaya a gaban tebur, ta ɗaga latas ɗaya da yatsu biyu, ta mayar.

"Saratu, yaya gida? Yaya Malam?"

"Lafiya lau, Hajiya. Sannu da zuwa."

"Wannan fa? Shi ne nawa?"

"Zan zaɓa miki masu kyau a ciki."

"Satin da ya wuce ma kin zaɓa. Mai hidima ta kira ni tana cewa salak ɗina ya yi kamar an kwana da shi." Hajiya ta rage murya, ta matso. "Ki saurare ni. Asabar ta sama ina da aikin biki, babba, mutanen da ban taɓa yi wa aiki ba. Haɗin kabeji da salak da soyayyar shinkafa. Ranar Juma'a da safe nake son kayan. Ni ban iya yawon 'Yankaba ba, shi ya sa nake zuwa wurinki. Amma idan na zo na tarar da irin wannan, wallahi zan koya."

"Za su yi kyau, Hajiya."

"Allah ya sa. Ki yi wa mutumin naki magana."

Maganar ce matsalar. Kunnen Baba Habila ya yi nauyi. Idan ta kira shi a waya, gaisuwa ce ke cinye kiran: ina Samuel, ina yara, an yi ruwa a Kano kuwa. Sau biyu ta ɗauko zancen kaya, sai ya ce, "Sun iso ko? To madalla, madalla," ita kuma ba za ta iya ɗaga murya tana yi wa sa'an ubanta ƙorafi a tsakiyar kasuwa ba.

Da yamma, a tsakar gidan da suke haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ta zauna a kan tabarma ta yagi takarda daga tsohon littafin 'yarta Patience. Ta rubuta a hankali, tana tsayawa tana tunani. Da ta gama ta miƙa wa Samuel, wanda ke kishingiɗe yana sauraron rediyo. Ya sa tabarau, ya karanta har ƙasa, ya koma sama.

"Maman Patience, wa za ki aika wa wannan?"

"Ka san wa."

"Farkon ya yi. Amma nan ƙasa, 'a bar wa kabeji ganyen waje, a sa latas a kwando, kada a danna, kada a jiƙa, a yanka da sassafe.' Mutumin da ya fara noman kabeji tun ba a haife ki ba, shi za ki koya wa lodi?"

"Ba koya masa nake ba. Abin da nake gani ne a nan."

"Kuma ba shi zai karanta da kansa ba. Wani za a ba ya karanta masa, da ƙarfi, saboda kunnen. Duk wanda ke wurin zai ji 'yar Dauda tana ba Habila darasi. Ki faɗa masa ciwon, shi ya san magani."

Saratu ta kalli takardar. Ta tuna ranar jana'izar mahaifinta, yadda Baba Habila ya tsaya a bakin kabarin har kowa ya watse. Ta karɓi takardar, ta ɗauki sabuwa, ta sake rubutawa.

"Zuwa ga Baba Habila. Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Mama da dukan gida. Samuel da yara suna gaishe ku. Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba raini ba ne. Tun shigowar zafi kayan da ke iso mini ba kamar da ba. Latas yana zuwa a yanƙwane, ya bushe, ba ruwa a jikinsa. Kabeji yana zuwa a ƙuje, sai na ɓare kusan rabi kafin in samu na sayarwa. Koren tattasai yana fashewa. Masu saye sun fara gunaguni, kuma babbar mai sayena ta ce idan kayan Juma'a ta sama suka zo haka za ta bar ni. Idan ta tafi ban san yadda rumfar za ta tsaya ba. Ina roƙonka ka duba mini. Ka fi ni sanin abin da ya kamata. 'Yarka, Saratu."

Samuel ya gyaɗa kai. "Wannan ita ce wasiƙa."

Washegari ta ba Lawan, shi kuma ya ba direban babbar motar da ke komawa Jos. Kwanaki suka wuce ba amsa. Kayan tsakiyar mako suka zo kamar yadda suka saba zuwa, ta gyara, ta sayar da abin da ya sayu. Ta kira Baba Habila ranar Laraba, wayar a kashe. Ranar Alhamis Malam Ibrahim ya lura ta zuba wa wata mata karas a ledar mai kokwamba.

"Hankalinki yana Jos," ya ce. "Ki je 'Yankaba gobe da asuba ki sayi na wani dillalin, ki ajiye a gefe. Idan na tsohon ya yi kyau, shi ke nan, kin sayar da biyu."

"Da wane jarin? Kuma kaya biyu a wannan zafin, wa zai saye su kafin su lalace?"

"To, Allah ya kawo su lafiya."

"Amin, Malam."

Ranar Juma'a ta riga kowa buɗe rumfa. Ta share, ta shimfiɗa buhunan algarara da ta jiƙa a kan tebur, ta zauna. Gari bai gama wayewa ba amma iska ta riga ta yi ɗumi. Masu shayi suka tashi, 'yan makaranta suka wuce, Lawan bai zo ba. Sai da rana ta fito sosai ta hango a-kori-kurar tana kutsowa tsakanin rumfuna, kuma a gefen Lawan akwai wani tsoho zaune, sanye da rigar sanyi mai kauri da hular ulu.

Ta miƙe da sauri har kujerar ta faɗi.

"Baba!"

Ta durƙusa. Ya sauko da ƙyar, yana dafa kafaɗar Lawan, fuskarsa duk gumi amma yana dariya.

"Tashi, tashi, 'yata. Kin ga na zo da kaina. Na ce wannan kayan ba zan bar wa direba ba. Motar ce ta lalace bayan Saminaka, muka yi zaman jira, ga shi sai yanzu."

"Sannu da hanya, Baba. Ina Mama? Ka cire rigar nan, zafi zai kama ka."

"Me?"

"Rigar, Baba! Zafi!"

"Ai kuwa garin naku wuta ne. Haka kuke zaune?" Ya zare rigar. "Rabona da Kano tun bikinki, kuma lokacin sanyi ne."

Malam Ibrahim ya fito ya gaishe shi hannu biyu, ya kawo masa benci da ruwan sanyi. Baba Habila ya sha, ya goge baki, ya nuna kayan da Lawan ke saukewa.

"Takardarki ta zo. Jikata ta karanta mini a bakin lambu. Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ce yarinyar nan ba ta ƙarya. Kin ce latas yana bushewa. To wannan karon ba zai bushe ba. Mun tsoma shi a ruwa ɗaya bayan ɗaya, ni da Mamanki, muka zuba a babbar leda tun yana ɗiga, muka ɗaure bakin tam, sannan muka sa a buhu. Kabejin ma na yayyafa masa, shi ma leda. Kin ce yana ƙujewa, to na sa an danna shi sosai yadda ba zai motsa a hanya ba. Na kuma sa direba ya rufa musu tamfol, kada rana ta taɓa su."

Lawan ya daina saukewa, ya kalli Saratu. Malam Ibrahim ya koma rumfarsa a hankali, ya fara gyara tumatur da ya riga ya gyara.

Saratu ta ɗora tafin hannu a kan buhun farko. Yana da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi.

"Buɗe mana," in ji Baba Habila. "Buɗe ki gani."

Ta yanke igiyar, ta kwance ledar. Turiri ya taso, da wari mai tsami wanda ya sa mai sayar da kifi a can gefe ta juyo. Latas ɗin ya dagargaje, ganyen ya zama baƙin yauƙi, ruwa kore yana taruwa a gindin ledar. Ta sa hannu har tsakiya ko za ta samu mai rai. Abin da ta ciro ya zube ta tsakanin yatsunta.

Baba Habila ya taso daga bencin. Ya sunkuya, ya sa nasa hannun, ya daɗe a haka.

"A gida idan na yi masa haka yana kwana biyu garau," ya ce, ba da kowa yake ba.

Ya ɗago. Ya buɗe buhun kabeji da kansa. Duk inda ɗaya ya danni ɗaya wurin ya yi laushi, ruwan ya shiga, ruɓa ta fara ci. Koren tattasai da ke ƙasa ya fashe. Karas da koren wake ne kawai suka tsira, su ma sun fara santsi.

A daidai lokacin Hajiya Zahra'u ta iso, da mai aikinta Jummai a bayanta riƙe da manyan robobi. Tun daga nesa ta ja mayafi ta rufe hanci. Ta dubi ledar, ta dubi Saratu, sannan ta ga tsohon da hannunsa ke jiƙe da koren ruwa.

"Wannan ne Baban naki?"

"Shi ne, Hajiya."

Hajiya ta sauke mayafin daga hancinta, ta ɗan russuna. "Baba, sannu da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya, Hajiya. Laifina ne wannan, ba na yarinyar ba."

"Allah ya mayar da alheri." Ta juya ga Saratu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Me zan samu?"

"Karas da koren wake, idan na wanke na shanya. Kabeji zan ɓare, a samu na ciki. Ki ba ni zuwa azahar, Hajiya, in shiga 'Yankaba da kaina in nemo latas."

"Azahar ta Juma'a? Kin san masu kyau sun ƙare tun safe, kuma kowa zai tafi masallaci. Gobe mutum ɗari nawa zan ciyar, Saratu. Ba zan iya zaman jira ba." Ta kira Lawan da hannu. "Kai, ka san wani dillali a can wanda ke da latas na kwando?"

Lawan ya sunkuyar da kai, ya saci kallon Saratu.

"Kai ta," in ji Saratu. "Wurin mai rumfar bakin ƙofa. Kayansa suna da kyau."

"Zuba mini karas ɗin," in ji Hajiya. Jummai ta miƙa roba ɗaya, sauran ta riƙe su a hammata. Da aka zuba, Hajiya ta biya ba ta nemi ragi ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta kuma ce komai game da mako mai zuwa ba, alhali kullum da wannan take sallama. Suka bi bayan a-kori-kurar har suka fita daga layin.

Saratu ta ɗauko wuƙaƙe biyu. Ta miƙa wa Baba Habila ɗaya don ta ga ba zai iya zama haka kawai ba. Suka zauna a bayan tebur suna ɓare kabeji, suna jefa ruɓaɓɓen a tsohon buhu. Kabejin da ya kai kan mutum sai ya dawo kamar dunƙulen hannu.

"Ita ce matar da kika rubuta?" ya tambaya.

"Ita ce."

"Za ta dawo?"

"Ban sani ba, Baba. Idan ta saba da can, da wuya."

Ya ɓare wani, ya juya shi, ya ajiye. "Kin san ruwa da leda za su yi haka?"

Ta ci gaba da ɓare kabejin da ke hannunta.

"Da ke nake, Saratu. Ki ɗaga murya."

"Na sani, Baba."

"To me ya hana ki rubuta?"

"Na rubuta. Na cire."

"Don me?"

"Kada a karanta a gaban mutane a ce ina koya maka aikinka."

Baba Habila ya ajiye wuƙar a cinyarsa. "Aikina a lambu yake. Ni na san kabeji daga iri har yanka. Abin da yake zama bayan ya wuce Saminaka ban taɓa gani ba sai yau. Ke ce kike ganinsa." Ya ja numfashi. "Yaron da ke yi mini lodi ya tafi Abuja aikin gini. Direba kuma ya ƙara kuɗi, ya ce kwando yana cin wuri, da buhu yake lissafi. Shi ya sa muka fara ɓare ganyen, don buhu ya ɗauki da yawa. Na ɗauka taimakonki nake yi. Faɗa mini abin da kika cire."

Ta faɗa masa, idonta a kan wuƙa, da murya mai ƙarfin da bai kamata a yi wa babba magana da ita ba, har Malam Ibrahim yana ji. A bar wa kabeji rigarsa. Latas a kwando, a rufe da ganye, iska tana shiga. Kada a jiƙa. Kada a danna. A yanka da sassafe a ajiye a inuwa, kada a rufe kayan da suka sha rana.

Yana gyaɗa kai har ta zo kan na ƙarshe.

"Sassafe kam ba na alkawari," ya ce. "Yanzu ba mai sauka lambu sai gari ya waye sarai, an ga juna. Kin san yadda wajenmu yake, ba tsaro. Sauran zan yi. Amma kwando zai ƙara kuɗin mota."

"Kuma ba zan iya ɗaukar kaya kamar da ba, Baba. Ba Hajiya, ko rabi ba zan sayar ba."

"Na gane." Ya dubi tarin ɓawon. "Maƙwabtan da nake haɗa nasu, sai in faɗa musu su nemi wani wurin."

Wata mata ta tsaya a gaban tebur, ta ɗaga ƙaramin kabeji ɗaya, ta tambayi kuɗinsa, ta ce ya yi ƙanƙanta, ta wuce. Mai akuyoyin Unguwa Uku ya zo da baro kamar yadda ya saba. Ya leƙa ledar latas, ya ce wannan ko dabba ba za ta ci ba, ya ɗauki ɓawon kabejin kawai.

Da aka fara kiran sallar Juma'a kasuwa ta yi shiru. Malam Ibrahim ya rufe tumatur ɗinsa da buhu, ya ɗauki dadduma, ya ce wa Saratu ta duba masa rumfa. Baba Habila ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Akwai tsofaffin kwanduna a nan?"

"Akwai a ƙarƙashin tebur. Amma ka zo mu je gida ka huta, Baba. Samuel zai so ganinka."

"Zan je in gan shi. Fito da su tukuna in duba waɗanda za su iya hanya."

Ta durƙusa ta jawo su. Sun yi ƙura, gindin ɗaya ya ɓalle. Ya zauna ya ɗora shi a cinya, ya tsinci igiyar da ta yanke daga bakin buhun latas, ya fara ɗaure gindin.